An bar jaki ana dukan taiki: ƙwai, manja da kolestarol na jini

Da wuya ma'aikaci ya karɓi takardar gwajin jini a wani asibiti a Garki ko Wuse, ya ga an ja layi a ƙarƙashin kolestarol, bai yanke wa ƙwai hukunci kafin ya kai bakin ƙofa ba. Abokan aiki za su ƙarfafa masa gwiwa, uwargida za ta daina sayo kiret, wani lokaci har yara ma sai takunkumin ya shafe su. Bayan wata uku ya koma gwaji, ya tarar lambar ta ɗan motsa kaɗan ko ma tana nan inda take, sai ya fara zargin ɗakin gwajin ko ya sallama wa ƙaddara. Abin da ya faru kuwa mai sauƙin bayani ne. Ya cire abin da tasirinsa ƙarami ne, ya bar abin da tasirinsa ya fi girma, wato nau'in mai da kitsen da ke shiga tukunyarsa da kaskon mai shayinsa kowace rana.

Tsoron ƙwai yana da tarihi, kuma ba jahilci ne ya haife shi ba. A shekarar 1913 wani likitan Rasha, Nikolai Anichkov, ya riƙa ɗura wa zomaye kolestarol a birnin St. Petersburg, ya ga jijiyoyin jininsu sun cushe da irin dattin da ake gani a jijiyoyin mutanen da ciwon zuciya ya kashe. Bincike ne mai daraja, domin shi ya fara nuna cewa kolestarol na jini yana da hannu a toshewar jijiya. Sai dai zomo ciyawa yake ci, jikinsa bai saba da kolestarol na abinci ba, ba shi kuma da dabarar kawar da shi. Daga baya, a 1968, Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ba da shawarar kada mutum ya wuce miligiram 300 na kolestarol a rana, kada kuma ya ci gwaiduwar ƙwai fiye da uku a mako. Tun da gwaiduwar babban ƙwai guda tana ɗauke da kimanin miligiram 186, ƙwai biyu kawai sun ƙetare iyakar. Wannan shawara ta shiga littattafan koyar da likitoci da ma'aikatan jinya a ƙasashe da yawa, ta zauna a kawunan mutane. A 2015 gwamnatin Amurka ta cire iyakar miligiram 300 daga ƙa'idojinta na abinci, amma labarin cirewar bai yi nisan da labarin kafawar ya yi ba.

Kuskuren da aka yi shi ne ɗaukar jikin mutum kamar randa, abin da aka zuba shi ake gani. Kolestarol ba baƙo ba ne a jiki. Da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta, da shi ake haɗa sinadaran jinsi da bitamin D da ruwan matsarmama mai narkar da mai a hanji. Saboda muhimmancinsa, jiki bai bar samunsa ga sa'ar abin da aka ci ba. Hanta da sauran gaɓoɓi suna ƙera kimanin miligiram 800 zuwa 1,000 a kowace rana, ko da mutum bai taɓa ƙwai ko nama ba. Na abinci kuwa, kusan rabinsa ne hanji ke tsotsa, sauran ya bi bayan gida. Wanda aka tsotsa ɗin ma idan ya isa hanta, takan yi abin da mai kula da sito nagari yake yi idan kaya sun shigo daga waje: ta rage nata ƙerawar. Shi ya sa mutum zai ƙara miligiram 370 a faranti, amma ƙarin da zai bayyana a jini ya zama ɗan kaɗan.

Misalin da ya fi shahara a kan wannan ya fito ne a 1991, lokacin da wani likita mai suna Fred Kern ya wallafa labarin wani dattijo ɗan shekara 88 a Amurka, wanda ya shafe shekaru yana cin dafaffen ƙwai 25 a kowace rana, kolestarol na jininsa kuma bai fita daga ƙa'ida ba. Da aka auna shi sai aka ga hanjinsa kashi 18 cikin ɗari kawai yake tsotsa, hantarsa ta rage ƙerawa, ta kuma ninka yawan kolestarol da take mayarwa ruwan matsarmama. Labarin mutum ɗaya ba hujja ba ce ga kowa, wanda ya kwaikwaye shi kuma shi ya jiyo, amma ya nuna iyakar nisan da jiki zai iya zuwa wajen daidaita kansa.

Daskararren kitse ba ta wannan hanya yake bi ba. Shi ne nau'in man da ke yin kauri ko ya daskare idan ya huce: kitsen shanu da na rago, tozo, man shanu, bota, manja, man ƙwarar manja da man kwakwa. Illarsa ba ta cikin kolestarol da ya ƙunsa, domin manja ba shi da ko ɗigo, kamar dai kowane man tsiro. Illarsa tana wajen kwashewa. Kolestarol ba ya narkewa a jini, saboda haka a cikin wasu ƙananan ƙunsosi yake yawo, mafi yawansu kuma su ne waɗanda takardar gwaji ke kira LDL. A jikin hanta akwai wasu ƙofofi da ke cafke waɗannan ƙunsosi su fitar da su daga jini. Michael Brown da Joseph Goldstein ne suka gano ƙofofin, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1985. Idan abinci ya cika da daskararren kitse, hanta tana rage yawan ƙofofin, sai LDL ya daɗe yana zagaye a jini, ya taru, ya riƙa kutsawa cikin bangon jijiya. Idan aka maye gurbinsa da mai ruwa-ruwa irin na waken soya, gyaɗa ko kifi, ƙofofin sukan ƙaru, jini ya washe. Ƙwai yana ƙara ɗan kaya a kan hanya. Daskararren kitse yana rufe wurin sauke kayan gaba ɗaya, har da wanda jiki ya ƙera da kansa, wanda shi ne mafi yawa.

Babban ƙwai guda kuwa giram ɗaya da rabi kacal na daskararren kitse ke cikinsa. Cokalin cin abinci guda na manja yana da kusan giram 7, domin rabin manja daskararren kitse ne. Man shanu ya kai kashi 60 cikin ɗari, man ƙwarar manja kusan kashi 80. Man gyaɗa na ainihi bai wuce kashi 17 ba, na waken soya kuma kusan 15.

A nan akwai wani ruɗani da harshe kansa ya taimaka wajen ƙullawa. A kasuwa da ɗakin girki, duk man da ba ja ba ne “man gyaɗa” ake ce masa. Alhali mai yawa daga cikin farin man da ake sayarwa a jarka da leda, wanda masu abinci da masu shayi ke suya da shi, tataccen manja ne da aka cire masa launi da ƙamshi, aka kuma ware ɓangarensa mai ruwa. Daskararren kitsen da ke cikinsa ya haura kashi 40 cikin ɗari. Uwargida za ta rantse ba ta sa manja a girkinta sai jefi-jefi, gaskiya kuma ta faɗa iya saninta, amma shinkafar dafa-duka da soyayyen dankali da miyar tumatir duk da ɗan'uwan manja aka yi su. Kaurin da irin wannan mai yake yi idan hunturu ya kankama alama ce, ko da yake ba tabbatacciya ba. Abin dogaro shi ne jerin sinadaran da aka rubuta a jikin robar, inda za a ga ko daga kwakwar manja aka tatso shi, ko daga waken soya, ko daga gyaɗa.

Lissafin yini guda zai fi fito da batun. A ƙaddara wani jami'i mai matsakaicin mataki, mazaunin Mararaba, wanda ke fitowa da asuba don tsere wa cunkoson Nyanya, kuma abincinsa na yini ya kai kalori 2,500. Karin kumallonsa a teburin mai shayi kusa da Sakatariyar Tarayya: ƙwai biyu soyayyu, ƙaramar leda guda ta indomi, da shayi mai rabin gwangwanin madara. Ƙwan biyu sun ba shi giram 3 na daskararren kitse. Man da aka soya su da shi, cokali ɗaya da rabi, ya ba shi kusan giram 9. Taliyar, wadda tun a masana'anta aka soya ta da man kwakwar manja, ta ƙara kimanin 6, madarar kuma 4. Da rana ya ci tuwo ko sakwara da miyar agushi, rabonsa na manja a ciki cokali biyu, giram 14 ke nan. Da dare ya tsaya wurin mai balangu, ya ce a haɗa masa da ɗan kitse, ya sami wasu giram 9. Jimla giram 45, ba a ma ƙirga cincin da samosar da ake rabawa a ɗakin taro ba.

Kowane giram na mai kalori 9 ne, don haka giram 45 sun zama kalori 405, wato kashi 16 cikin ɗari na abincinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada daskararren kitse ya wuce kashi 10, wanda ga wannan mutum yake daidai da giram 28. Ya zarce iyaka da giram 17, rabon ƙwai a cikin duka lissafin kuma giram 3 ne.

Akwai ma'aunin da ake hasashen sakamakon canjin abinci da shi. Ancel Keys na Jami'ar Minnesota da abokan aikinsa sun fitar da shi a 1965, bayan sun ciyar da mutane abinci aunanne suna bin jininsu:

ΔC = 1.35(2ΔS − ΔP) + 1.5ΔZ

C shi ne jimlar kolestarol na jini a ma'aunin mg/dL. S kason kalori ne da ya fito daga daskararren kitse, P kuma kason da ya fito daga mai ruwa-ruwa irin na waken soya da kifi. Z yana wakiltar kolestarol na abinci, amma ba kai tsaye ba: ana ɗaukar miligiram ɗin da ke cikin kowane kalori 1,000, a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da shi. Ma'anar wannan ita ce tasirin kolestarol na abinci yana raguwa yayin da yake ƙaruwa. Ƙwan farko ga wanda ba ya cin nama ko madara ya fi motsa jini a kan ƙwai na uku ga wanda dama yana ci.

Idan jami'in nan ya bi shawarar abokai, ya bar ƙwai ya ci gaba da komai, kolestarol na abincinsa zai sauko daga kimanin miligiram 550 zuwa 180. Z zai faɗo daga 14.8 zuwa 8.5, wanda ke ba da ragin kusan 9.5, sai ɗan kitsen ƙwan da ya tafi ya ƙara kamar 2. Ragin duka bai wuce 12 mg/dL ba, wato 0.3 ga wanda takardarsa ke amfani da mmol/L. Idan kuwa ya riƙe ƙwansa biyu amma dafaffu, ya sauya taliyar da wake ko alale, aka mayar da cokali guda na manjan miya zuwa man waken soya, ya ce wa mai nama ya yanke kitsen, ya riƙa cike gurbi da gyaɗa da kifi, daskararren kitsensa zai dawo wajen giram 22, kashi 8 cikin ɗari. Mai ruwa-ruwa kuma zai ƙaru da kamar kashi 3. Lissafin ya zama 1.35 sau 19, kusan 26 mg/dL, ko 0.7 mmol/L. Ya ninka na farko har da ɗori, kuma bai rabu da abinci mafi sauƙin samu da ke ba shi giram 12 na furotin kafin ya shiga ofis ba.

Ma'aunin Keys matsakaicin jama'a yake hasashe, ba ya yi wa mutum ɗaya alkawari. Amma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su rushe shi ba. Wani nazari da aka wallafa a mujallar likitocin Birtaniya a 1997, wanda ya tattara ɗaruruwan gwaje-gwajen abinci aunanne, ya sami cewa cire miligiram 200 na kolestarol a rana yana rage na jini da kusan 0.13 mmol/L, yayin da sauya kashi 10 na kalori daga daskararren kitse zuwa hatsi yake rage shi da kusan 0.5.

Lissafin nan ya kuma nuna abin da masu kare ƙwai da zafi ba sa son ji: 12 ba sifiri ba ne. Ƙwai yana ɗaga LDL, kaɗan ne kawai ga yawancin mutane. Akwai kuma waɗanda hanjinsu ya fi tsotsa, hantarsu kuma ba ta rage ƙerawa yadda ya kamata, su kam ƙwai biyu a kullum zai bayyana sosai a takardarsu. Binciken da ya bi dubban mutane shekara da shekaru ma bai yi magana da murya ɗaya ba. Na Jami'ar Harvard na 1999, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 117,000, bai ga ƙarin ciwon zuciya ga masu cin har ƙwai ɗaya a rana ba, in ban da masu ciwon sukari. Wani babban nazari a ƙasar Sin, mai mutum kusan rabin miliyan, ya nuna a 2018 cewa masu cin ƙwai kusan kullum sun fi waɗanda ba sa ci ƙarancin ciwon zuciya. Sai ga wani a Amurka a 2019, mai mutum kusan 30,000, ya danganta kowane ƙarin rabin ƙwai a rana da ƙarin haɗari na kashi 6 cikin ɗari. Ɗaya daga cikin dalilan saɓanin shi ne ƙwai ba ya tafiya shi kaɗai. A teburin Ba'amurke abokan tafiyarsa sarrafaffen nama ne da bota, a ƙauyen Sin kuwa mai cin ƙwai kullum sau da yawa shi ne mai ɗan hali. Irin wannan bincike yana iya ƙoƙarin tace waɗannan abubuwa, amma ba ya iya tace su tas. Ya kuma dace a sani cewa masana'antar ƙwai ce ta ɗauki nauyin wani kaso na gwaje-gwajen da aka yi a kan ƙwai, abin da ke sa a karanta sakamako mai daɗin ji da ido biyu.

Abin da hujjojin suka iya ɗauka shi ne: ƙwai ɗaya a rana ga mai lafiya ba abin damuwa ba ne. Mai ciwon sukari, da wanda ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, da wanda LDL ɗinsa ya yi sama sosai, su ne ya dace su taƙaita gwaiduwa, su tattauna adadin da likitansu. Farin ƙwai ba shi da kolestarol ko kaɗan. Wanda kuma ya guji ƙwai ya koma wa farfesun kayan ciki bai tsira ba, domin hanta da ƙoda suna da kolestarol mai yawa, ƙwaƙwalwa kuma ta ninka su sau da dama. Haka nan ƙwan salwa, wanda aka taɓa yayinsa a matsayin maganin kowace cuta, idan aka auna nauyi da nauyi ya fi na kaza kolestarol, kuma babu wata hujja da ta nuna ƙwan kazar gida ko na zabo ya kuɓuta daga abin da ke cikin na gidan gona.

Manja ma yana da hakkin a yi masa adalci. Jan manja yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, abin da ke da muhimmanci ga yara a ƙasar da ƙarancinsa bai ƙare ba, kuma ba shi da illar kitsen nan na masana'anta da ake kira tirans, wanda ke ɗaga LDL ya kuma sauke HDL, wanda hukumar NAFDAC ta taƙaita shi zuwa giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai a dokarta ta 2022. Matsalar manja ta yawa ce. Miyar da mai ke iyo a samanta har a iya kwasarsa da cokali, a ci ta rana da dare, ga mutumin da aikinsa zama ne daga kujerar mota zuwa kujerar ofis, ita ce ke cika lissafin. Manomin da ke yini da fartanya da ma'aikacin da ke yini da fayil ba abinci ɗaya jikinsu ke bukata ba, ko da a gida ɗaya suka tashi.

Abin da aka sa a gurbin kitsen shi ma yana da nasa hukunci, kuma nan ne masu niyya mai kyau suke yawan zamewa. Wanda ya rage mai ya cike cikinsa da farin burodi, farar shinkafa da lemon kwalba zai iya ganin LDL ya ɗan sauka, amma wani nau'in mai na jini, wanda takarda ke nunawa da TG, zai tashi, HDL ya sauka, haɗarin zuciya kuma bai ragu wani abin kirki ba. Ribar tana samuwa ne idan gurbin ya koma ga mai ruwa-ruwa, gyaɗa, riɗi, kifi, wake da hatsin da ba a surfe shi tas ba. Wake da kuɓewa suna da wata fa'ida ta daban: harzarsu mai narkewa tana kama ruwan matsarmama a hanji ta fita da shi, sai hanta ta ɗebi kolestarol daga jini don ƙera sabo.

Akwai wani gyara da ba na ɗakin girki ba ne, kuma masu karanta wannan shafi da yawa suna kusa da teburan da ake yanke irinsa. Rubutun “babu kolestarol” da ake bugawa da manyan haruffa a jikin robar mai gaskiya ne, amma gaskiyar da ke ɓatar da mai saye, tun da babu man tsiron da ke da shi tun asali. Mai saye yana ganin rubutun ya ɗauka ya sayi kariya ga zuciyarsa, alhali ƙila kashi 40 na abin da ke hannunsa daskararren kitse ne. Ya dace hukuma ta wajabta cewa duk robar da ta ɗauki wannan da'awa ta nuna kason daskararren kitse a kusa da ita da haruffa masu girma ɗaya, ta kuma ambaci tsiron da aka tatso man daga gare shi a fuskar robar. Ma'aikatun da ke ba da kwangilar abincin taro su ma suna da ikon rubuta irin man da za a yi amfani da shi a cikin sharuɗɗa, kamar yadda suke rubuta adadin faranti.

Duk da haka abinci yana da iyaka, kuma rashin sanin iyakar ya fi cin ƙwai haɗari. Kusan mutum ɗaya cikin 250 ana haifarsa da naƙasa a ƙofofin nan na hanta, gado daga uwa ko uba. Irin wannan mutum LDL ɗinsa yana sama tun yana yaro, ko siriri ne, ko da ganye kaɗai yake ci. Alamominsa su ne LDL da ya kai 4.9 mmol/L, wato 190 mg/dL, ko ya haura, da tarihin iyaye ko 'yan'uwa da ciwon zuciya ya kama tun ba su manyanta ba. Shi magani yake bukata, 'ya'yansa da 'yan'uwansa kuma gwaji. Raunin ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod, da ciwon ƙoda mai zubar da furotin a fitsari, da ciwon sukarin da ba a shawo kansa ba, duk suna lalata sakamakon gwajin, haka ma ƙiba da ɗaukewar al'ada ga mata. Magungunan sitatin suna rage LDL da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, ta hanyar hana hanta ƙerawa har ta buɗe ƙarin ƙofofi, kuma gwaje-gwaje masu yawa sun nuna kowane ragin 1 mmol/L yana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wanda likita ya rubuta wa magani ya ajiye shi a aljihun tebur don ya daina cin ƙwai, ya musanya ragin kashi 40 da ragin da bai kai kashi 10 ba.

Ga wanda lambarsa ta ɗan haura kawai, babu kuma wata cuta tare da ita, akwai hanyar sanin halin jikinsa ba tare da dogaro da matsakaicin jama'a ba. Ya duba layin LDL, kada ya tsaya a jimla, domin jimla tana iya hawa saboda HDL. Ya lura da ma'aunin da aka yi amfani da shi, tun da ɗakunan gwaji a Abuja wasu mg/dL suke rubutawa wasu mmol/L, kuma 1 mmol/L daidai yake da kusan 39 mg/dL. Sannan ya canza abu ɗaya tak, ya fara da mai da kitse, ya bar ƙwansa yadda yake, ya riƙe hakan mako shida zuwa takwas, ya koma ɗakin gwajin da ya fara zuwa, ba lokacin da yake fama da zazzaɓi ko ya tashi daga jinya ba, domin rashin lafiya yana sauke lambar na ɗan lokaci. Bambancin da bai kai kashi 10 cikin ɗari ba yana iya zama kai-komon da jini da na'ura ke yi daga rana zuwa rana, ba a gina hukunci a kansa. Idan LDL ya sauka yadda ake so, an gano inda matsalar take. Idan bai sauka ba, zagaye na biyu na gwaiduwa ne: a cire ta na wasu makonni shida a sake aunawa, kuma sauka mai yawa a wannan karo ita ce shaidar cewa mutum yana cikin waɗanda hanjinsu ke tsotsa da yawa. Idan zagayen biyu sun wuce lambar tana nan, sai a koma wa likita da takardun uku a hannu, a duba tayirod da ƙoda da sukari, a kuma yi maganar magani.